Tambayar da Ta Kamata Ta Zo Farko: Taswirar Neman Laifi ga Ɗalibin Aikin Lantarki a Ƙasar Magarya

Yaron da ya taso daga Dantchiao ko wani gari na gundumomin Magarya da Dungas, ya shiga makarantar koyon sana'a da niyyar fita da takardar CAP a fannin haɗa wutar gida, yakan iya ɗaura waya tun kafin ya iya neman laifi. Dalili kuwa a fili yake. Haɗa waya aiki ne da ido yake gani, malami ya yi, ɗalibi ya kwaikwaya, amma neman laifi a ka yake faruwa, kuma gwani yakan yi shi cikin sauri har mai kallo ya ɗauka sa'a ce. Ranar jarrabawar aikin hannu, idan aka ajiye wa ɗalibi allon da aka ɓoye laifi a cikinsa, nan ne ake ganin wanda ya koyi hanya da wanda ya saba lalube. Abin da ake koya masa domin wannan rana shi ne zana taswirar bin sawu, wato jerin gidaje da kibiyoyi da ke faɗa masa abin da zai auna da inda zai nufa bayan kowane awo. Ra'ayina shi ne darajar wannan taswira tana ga irin tambayoyin da ke cikinta da yadda aka jera su, kuma taswirar da aka kwafo daga littafi ba tare da an gyara ta don yanayin wannan yanki ba tana iya ɓatar da mai bin ta.

Sifar zanen kanta ba ta da wuya, kuma bai kamata ta cinye darasi fiye da ɗaya ba. Gida mai zagayayyun gefuna shi ne farko da ƙarshe, gida mai kusurwa huɗu aiki ne kamar yanke wuta ko ƙara matse kusa, gidan da ke tsaye kan tsininsa kuma tambaya ce mai ƙofa biyu, i ko a'a. Frank da Lillian Gilbreth ne suka gabatar da irin wannan zane ga ƙungiyar injiniyoyin Amurka a 1921 don nazarin aikin masana'anta, masu aikin kwamfuta suka karɓe shi daga baya, sannan aka daidaita alamominsa a ƙa'idar ISO 5807 ta 1985. Ɗalibi yana iya haddace alamomin nan a wuni ɗaya ya kuma zana su tsaf da rula, amma ya fito da taswirar da ba ta kai kowa ko'ina. Mafi yawan taswirorin da ba su da amfani suna da cuta ɗaya: gidan tambaya yana ɗauke da magana irin ta "wayar tana lafiya?" ko "akwai wuta?". Wannan ba tambaya ba ce da na'ura za ta amsa. Tambayar kirki tana faɗin wurare biyu da za a ɗora bakin na'ura, da abin da za a auna, da lambar da ke raba i da a'a. Wutar gida a Nijar 220 V ce, saboda haka gidan tambaya sai ya ce: tsakanin faz da notir a bakin fitar dijanktar, awon yana tsakanin 198 V da 242 V? An ba da rangwamen kashi goma cikin ɗari sama da ƙasa, kuma duk wanda ya riƙe miltimetir zai ba da amsa iri ɗaya.

Bari mu ɗauki allon da kusan kowane ɗalibin wannan fanni ya taɓa haɗawa: fitila ɗaya da ake kunnawa daga makunni biyu, irin ta zaure mai ƙofa biyu. Wuta tana fita daga dijanktar ta bi faz zuwa kusar tsakiya ta makunni na farko, ta tsallaka ta ɗaya daga cikin wayoyi biyun da ke haɗa makunnan, ta fita ta kusar tsakiya ta makunni na biyu, ta bi wayar da ke zuwa fitila, ta ratsa ƙwai, ta koma ta notir. An gaya wa ɗalibi cewa fitila ba ta aiki yadda ya kamata, ba a ƙara masa komai ba. Wanda bai da taswira nan take yake ɗaukar sukundireba ya fara kwance makunni mafi kusa da hannunsa. Wanda ya yi tunani kafin ya zana ya san akwai tambayar da ba ta buƙatar ko na'ura, kuma ita ce ta fi kowace raba hanya: makunni biyu suna da zama huɗu, a zama nawa fitilar take kamawa? Idan haɗin lafiya yake, a biyu take kamawa. Idan a ɗaya kawai ta kama, to ko ɗaya daga cikin wayoyin tsakanin makunnan ta tsinke, ko an ɗaura waya a kusar da ba tata ba a ɗaya daga cikin makunnan. Idan a duka huɗun tana kunne, wayoyin biyu sun haɗu da juna ko an tsallake makunnan. Idan kuwa ba ta kama ko a ɗaya ba, laifin ya fi yiwuwa yana kan hanyar da kowane zama yake bi. Cikin daƙiƙa goma an zubar da rabin abin da ake zargi, hannu bai taɓa ƙarfe ba.

A ce amsar ita ce ba ko ɗaya. Wuraren da suka rage takwas ne: dijanktar, wayar faz, makunni na farko, makunni na biyu, wayar zuwa fitila, mazaunin ƙwai, ƙwan kansa, da notir. Wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana iya yin awo bakwai kafin ya dace, alhali wanda ke raba su biyu a kowane awo sau uku kawai zai auna, domin takwas ta koma huɗu, huɗu ta koma biyu, biyu ta koma ɗaya. Manomin rake a fadamun Bande da Wacha ya san wannan lissafi: idan ruwa bai kai fangalin ƙarshe ba, tsakiyar magudana yake zuwa ya duba, ya san ɓangaren da zai bi. Sai dai rabawa biyu ba ita kaɗai ke mulki ba, kuma a nan ne nake ganin ɗalibi yake nuna hankalinsa. Gwajin da ba ya cin lokaci kuma laifinsa ya fi yawan faruwa ya cancanci ya sha gaban layi ko da bai raba hanya daidai ba. Don haka sauya ƙwai da wanda aka tabbatar yana kamawa a wani mazaunin shi ne gida na gaba, sai awon bakin dijanktar. A lura cewa sauyawa aka ce, ba auna ƙwan ba. Tsohon ƙwai mai zare na 60 W yakan nuna om ƴan gomomi idan yana sanyi, amma ƙwan zamani mai kayan lantarki a gindinsa yana iya nuna OL a fuskar na'ura alhali lafiyarsa lau, kuma shi ne yanzu ya cika kasuwannin karkara.

To, an sauya ƙwai bai kama ba, an kuma sami 221 V a bakin dijanktar. Saura shida, kuma tsakiyarsu ita ce kusar tsakiya ta makunni na biyu. Ɗalibi ya ɗora baki ɗaya na na'ura a kanta, ɗayan a kan notir na wajen dijanktar, wanda awon baya ya riga ya tabbatar, sannan ya juya makunni. A wani zama ya ga 220 V, a ɗayan ya ga awon ya faɗi. Ke nan faz da makunnan biyu sun fita daga zargi. Saura wayar zuwa fitila, mazauni, da notir. Ya bar makunni a zaman da ke da wuta, ya hau wajen mazaunin da ƙwai mai zare a ciki, ya auna tsakanin kusoshinsa biyu, ya ga sifili. Taswira mara kyau a nan take cewa babu wuta a mazauni, a koma baya a duba wayar zuwa fitila, kuma ƙarya ta yi masa. Taswira mai kyau tana sa shi ya auna kowace kusa daban da notir na wajen dijanktar. Kusar faz ta nuna 220 V, kusar notir ma ta nuna 220 V. Fassarar ita ce wuta ta iso, ta ratsa zaren ƙwai, ta tsaya a kan shuɗiyar waya domin hanyar komawarta a yanke take. Sifilin da ya gani da farko ba rashin wuta ba ne, kusoshin biyu ne suke a matsayi ɗaya, kuma wanda ya yarda da sifilin nan ya kama shuɗiyar waya da hannu zai sha wuta cikakkiya.

Daga nan aikin ya bar awo da wuta ya koma awo ba wuta, kuma tsakanin biyun dole taswira ta nuna gidajen tsaro ɗaya bayan ɗaya, kada a dunƙule su a kalma guda. A sauke dijanktar, a kulle shi ko a rataya masa alama, a tabbatar shi ne na wannan layin, a gwada na'ura a inda aka san akwai wuta, a auna inda za a taɓa, sannan a sake gwada na'urar don kada ta mutu a tsakani. Bayan haka ne ɗalibi zai juya miltimetir zuwa awon om ya bi notir gaɓa gaɓa. Wayar jan ƙarfe mai kauri 1.5 mm², wadda ake ja wa fitilu, tana da kusan 0.012 Ω a kowace mita, wato mita goma ba ta wuce 0.12 Ω sosai ba. Saboda haka gidan tambaya yana iya cewa: awon bai kai 1 Ω ba? Daga dijanktar zuwa akwatin haɗi ya sami 0.3 Ω, har da na wayoyin na'urar kanta. Daga akwatin zuwa mazauni ya ga OL. Da ya buɗe mahaɗin da ke cikin akwati sai ya tarar an matse kusa a kan robar waya maimakon kan ƙarfenta, irin laifin da malami zai iya dasawa cikin minti ɗaya kuma ido ba ya kama shi. Ya fere waya, ya ɗaure, ya mayar da wuta. Kibiyar da ke fita daga gidan gyara ba ta zuwa gidan ƙarshe kai tsaye, tana komawa can sama ga tambayar zama huɗu, domin sai fitila ta kama a biyu daidai ne aiki ya ƙare, kuma wannan komawar ce ke tona laifi na biyu idan an ɓoye biyu.

Masu sukar wannan darasi suna da hujja, kuma mafi ƙarfinta ita ce ta tsofaffin hannu. Suna cewa ba su taɓa ganin gwani ya buɗe takarda a gidan mutane ba, testa ɗaya a aljihu da shekarun aiki sun ishe shi. Gaskiya ne ba ya buɗe takarda, amma idan aka tsayar da shi aka tambaye shi dalilin da ya sa ya fara da nan bai fara da can ba, jerin tambayoyi zai zayyano, kuma taswirar ke nan, a kansa take. Bambancin shi ne shi ya tara tasa cikin shekaru, da asarar kayan mutane da shan wuta a hanya, ɗalibin da ke da ƴan shekarun makaranta kuwa ba shi da wannan lokacin. Game da testa kuma, misalin da ya gabata ya isa amsa: idan notir ya tsinke, testa tana haske a wayoyin biyu, kuma ba ta iya faɗin ko 220 V ne ko 90 V. Adalci ya sa a ce miltimetir ma tana da nata ruɗin. Saboda kusan ba ta jan wuta yayin awo, takan nuna bolt ƴan gomomi a kan wayar da ba ta haɗe da komai, don kawai tana kwance a bututu ɗaya da mai wuta. Wayar da ba ta aiki a tsakanin makunnan biyu ta shahara da wannan. Ɗalibin da tambayarsa take "akwai wuta?" zai ga 60 V ya ce i, wanda ya rubuta 198 V zuwa 242 V kuwa zai ce a'a ya wuce.

Suka ta biyu ita ce taswira tana mayar da ɗalibi mai haddace, ya bi kibiya ba tare da ya fahimci kewayen wutar ba. Wannan zai zama gaskiya idan malami ne ya zana ya liƙa a bango aka ce a kwafa. Amma ba wanda zai iya zaɓar kusar tsakiya ta makunni na biyu a matsayin wurin raba hanya sai ya fara zana haɗin ya bi wutar da yatsa daga farko zuwa ƙarshe. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce ɗalibi ya zana tasa, ya miƙa wa abokinsa, malami ya dasa laifi, abokin ya bi takardar ba tare da ya ƙara nasa tunani ba, mai zanen kuma ya yi shiru. Duk inda abokin ya tsaya yana tambayar "yanzu kuma ina?", an gano ƙofar da ba ta da kibiya. Duk inda ya isa gidan ƙarshe fitila ba ta kama ba, an gano tambayar da ta yi ƙarya. Wannan gwaji ba ya buƙatar kayan da cibiyar koyon sana'a ta karkara ba ta da su, allo ɗaya da na'ura ɗaya sun ishi aji.

Akwai kuma abin da littattafan da aka rubuta bisa ƙa'idar Faransa ta NF C 15-100 suke ɗauka tabbas ne, wanda a bakin iyaka ba tabbas ba ne. Dantchiao da Magarya suna fuskantar Ɓaɓura, Dungas tana fuskantar Maigatari, kuma kayan wuta suna shigowa daga kasuwannin Kano kamar yadda suke gangarowa daga Damagaram. A tsarin Faransa shuɗiya ce notir, baƙa kuwa tana iya ɗaukar wuta, amma a tsohon tsarin Ingila da Nijeriya ta gada ja ce faz, baƙa ce notir. Gidan da ma'aikata biyu suka yi wa aiki a lokuta daban yana iya samun baƙar waya mai ma'ana biyu a akwati ɗaya, don haka ba gidan tambayar da ya kamata ya dogara da launi. Haka ma dijanktar. Na tsarin Faransa yana yanke faz da notir tare, na tsarin Ingila da yawa faz kaɗai yake yankewa. Bambancin yana fitowa a reshen taswira da ya shafi dijanktar mai gane yoyon wuta na 30 mA da ke yawan faɗuwa, abin da ke ƙaruwa da damina idan laima ta shiga bango da akwatunan waje. Littafi yana cewa a sauke dukan layuka a riƙa ɗaga su ɗaya ɗaya har a ga wanda ke kayar da shi. Idan notir ne yake taɓa wayar ƙasa, kuma ƙananan dijanktocin ba sa yanke notir, layin mai laifi yana nan haɗe ko an sauke shi, sai zargi ya faɗa kan duk layin da aka ɗora wa kaya. Taswirar da ta dace da nan tana buƙatar ƙarin tambaya kafin wannan mataki, wato ko dijanktocin suna yanke notir, da ƙarin gidan aiki na cire notir ɗin kowane layi daga mahaɗarsu bayan an yanke wuta.

Tushen wutar ma ba ɗaya ba ne. Layukan NIGELEC na yankin Zinder da Maradi sun daɗe suna shan wuta daga Katsina ta layin 132 kV da ke zuwa Gazawa, kuma lokacin da Nijeriya ta yanke wutar a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, sai da aka shiga 2024 kafin ta dawo. Wanda zai yi aiki a ƙauyukan wannan yanki zai fi cin karo da ƙaramin janareta da faifan hasken rana mai batir da na'urar juya wuta fiye da wutar kamfani. Ƙananan janaretoci da yawa da irin waɗannan na'urori ba su haɗa notir ɗinsu da ƙasa ba. A kansu ana iya samun 220 V tsakanin wayoyin biyu, amma kusan 110 V daga kowace zuwa ƙasa, testa kuma ta yi haske a duka biyun. Mai bin taswirar wutar kamfani zai yanke hukuncin cewa notir ya tsinke, ya kwashe awa yana neman laifin da babu shi. Shi ya sa a misalinmu aka riƙa auna komai da notir na wajen dijanktar maimakon wayar ƙasa, kuma shi ya sa nake ganin gidan tambaya na farko, kafin ma na zama huɗu, ya kamata ya zama: daga ina wutar take zuwa, kuma nawa ta kai a bakin shiga? Idan 170 V ce saboda layi ya yi tsawo ko batir ya yi ƙasa, firjin da ke kasa tashi ba shi da laifi, haɗin gidan ma ba shi da shi.

Inda masu suka suka fi gaskiya shi ne laifin da ke zuwa yana tafiya. Kusar da ta saki kaɗan tana wuce awon om lafiya da safe, domin na'urar ƴar ƙaramar wuta take turawa, sai da rana an ɗora mata dutsen guga ta yi zafi ta buɗe. Taswirar i da a'a tana ɗauka cewa laifi yana zaune yana jiran a same shi, wannan kuwa ba ya zama. Abin da za a iya yi shi ne a ƙara reshe ɗaya a ƙasa: idan kowane awo ya fito daidai amma ƙorafin mai gida yana nan, a kunna kaya mai nauyi a soket ɗin da ake zargi, a auna bolt a bakin dijanktar da kuma a soket ɗin kayan suna aiki. Idan dijanktar ya nuna 218 V soket ya nuna 214 V, faɗuwar ta waya ce kawai. Idan soket ya nuna 190 V, akwai mahaɗin da ke cinye bambancin yana mayar da shi zafi, kuma bayan an yanke wuta za a gane shi da ɗumi ko baƙin da ya yi wa roba. A wannan reshe ne kuma ake raba lodi mai yawa da haɗuwar waya, da tambayar lokaci: dijanktar na 16 A yana ɗaukar kusan 3,500 W, kuma idan kaya sun haura haka sai bayan wani lokaci yake faɗuwa, idan kuwa faz da notir ne suka haɗu, ana ɗaga shi yake komawa.